Shafin farko na takardar neman amincewa da kwanon rufi: yadda ake gwada shi da ƙa'idar aiki layi-layi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne injiniyan ɗan kwangila a wani ginin azuzuwa a nan Zariya, ta wajen Samaru. Mun kai lokacin rufi, na tura wa akitek kasidar kamfanin kwano da samfur, sai ya dawo mini da su, ya ce in haɗo da shafin da ya gwada kwanon da kowane layi na ƙa'idar aikin. Ƙa'idar ta ce alminiyam lon-sifan mai kaurin 0.55, mai sayarwa kuma ya tabbatar mini nasa 0.55 ne. Me zan rubuta a shafin, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Injiniya. Akitek ɗin ya yi maka gata, domin kasidar kamfani ba ta nuna abin da za ka kawo. Kasida ɗaya takan ƙunshi kauri huɗu ko biyar, da fenti iri biyu, da sifar kwano kala-kala, wanda zai duba kuwa ba shi da hanyar sanin wanne kake nufi. Abin da shafin zai yi shi ne ya ɗaure kowace buƙata da lamba guda, lambar kuma da shaidarta. Duk layin da ka rubuta masa "ya dace" ba tare da lamba ba, ka ɗauka ba ka cike shi ba.

Kafin ka buɗe kwamfuta, tara takardu uku a gabanka: sashen rufi na ƙa'idar aiki, zanen rufin, da layin kwano a cikin bil ɗin kwangila. Karanta su tare. Yakan faru ƙa'ida ta ce 0.55, zane ya ce 0.7, bil kuma ya kawo farashin 0.45, musamman inda aka kwafo ƙa'idar daga wani tsohon aiki. In ka ga haka, kada ka zaɓi wanda ya fi maka sauƙi ka ci gaba. Rubuta wa akitek tambaya a takarda, ka jira amsarsa a rubuce, sannan ka sa lambar wannan amsa a shafinka. Sharuɗɗan kwangila sukan faɗi takardar da ke gaba da wata idan sun saɓa, amma ko da ka san amsar, a bar shi ya faɗa da hannunsa.

Saman shafin ba shi da wahala. Sunan aiki, lambar kwangila, lambar takardar da lambar bita, kwanan wata, lambar sashen ƙa'ida da lambar zane, sunan masana'antar da ta yi naɗin alminiyam ɗin da sunan wanda zai murza shi ya zama kwano, domin sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. Ƙara ranar da kake buƙatar amsa da ranar da kafinta zai hau rufi, saboda mai dubawa ya san abin da jinkirinsa zai jawo.

Tsakiyar shafin shi ne aikin. Jadawali ne mai ginshiƙi biyar: lambar sakin layi, abin da ƙa'ida ta ce, abin da ka kawo, inda shaidar take, da matsayi. A ginshiƙi na biyu kwafi maganar ƙa'idar yadda take, kada ka taƙaita, domin a wajen taƙaitawa ne kalmomi masu nauyi ke zubewa, kamar "ban da fenti" ko "kada ya gaza". Idan sakin layi ɗaya ya ƙunshi buƙatu uku, raba shi gida uku. Matsayi kuwa uku ne kacal: ya dace, ya saɓa, ko ana jiran shaida. Babu "kusan daidai", babu "kwatankwacinsa".

Tunda ba ka aiko da ƙa'idar taku ba, bari mu ɗauki misali da lambobin da suka yi kama da na ginin azuzuwa: tsawon gini mita 27, rufi mai gangare biyu, kowane gangare mita 6.3 daga tozo zuwa baki, tazarar katakon kwance da ake ɗaure kwano a kai milimita 900. Ga yadda wasu layukan za su fito bayan an auna abin da mai sayarwa ya kawo. Za ka rubuta naka da harshen da kwangilar take, amma tsarin ɗaya ne.

| Layi | Abin da ƙa'ida ta ce | Abin da aka kawo | Shaida | Matsayi |
|---|---|---|---|---|
| 1 | Kaurin alminiyam milimita 0.55, ban da fenti | 0.50 ban da fenti, 0.53 da fenti | Takardar masana'anta, shafi na 1. Awon samfur | Ya saɓa |
| 2 | Haɗi 3003 ko 3105, tauri H14, bisa ASTM B209 | 3105 H14 | Takardar masana'anta, shafi na 1 | Ya dace |
| 3 | Tsayin tudun kwano kada ya gaza milimita 32 | 28 | Zanen sifar kwano. Awon samfur | Ya saɓa |
| 4 | Fentin foliyesta, maikiron 25 a sama | Kasida ba ta faɗi kauri ba | Babu | Ana jiran shaida |
| 5 | Falle ɗaya daga tozo zuwa baki, babu haɗi | Falle mai mita 6.3 | Jerin tsayin da za a yanka | Ya dace |
| 6 | Sukuru na sitenles mai woshan EPDM | Ƙusar kwano mai baƙar roba | Samfur | Ya saɓa |

Layi na farko shi ne wanda ya fi jawo rigima, kuma shi ne ainihin tambayarka, don haka a tsaya a kansa. Maganar mai sayarwa cewa kwanonsa 0.55 ne ba shaida ba ce, ko da yana faɗin gaskiyar abin da ya sani, domin a kasuwa lambar takan zama sunan da ake kiran kaya da shi, ba awon da aka yi ba. Shaida ta farko ita ce takardar gwaji da masana'anta ke bayarwa tare da kowane naɗi. A cikinta akwai lambar naɗin, haɗin ƙarfen, taurinsa, kauri, faɗi da nauyi. Ka je inda injin murzawa yake, ko a Kaduna ne ko Kano, ka ga lambar da ke manne a jikin naɗin da idonka, ka tabbatar ita ce a takardar. Takardar da lambarta ba ta yi daidai da naɗin da za a yanka maka ba, ta wani kaya ce daban.

Shaida ta biyu awonka. Yi amfani da maikuromita, kada ka dogara da baniya, domin bambancin da kake nema bai wuce kashi biyar cikin ɗari na milimita ɗaya ba, baniya kuwa da ƙyar take rarrabe wannan. Ɓare ledar kariyar da ke jikin kwanon tukuna, don ita kaɗai tana iya cike giɓin da ake ɓoyewa. Auna a shimfiɗaɗɗen wuri, nesa da bakin da almakashi ya yanka, saboda bakin yakan tashi ya ƙara kauri. Auna wurare biyar aƙalla a faɗin fallen, ka rubuta duka biyar ɗin a takardar da za ka haɗa. Abin da ka samu ya haɗa da fenti. Fentin sama mai maikiron 25 da na ƙasa mai kamar 5 zuwa 7 sun kai kusan milimita 0.03, saboda haka 0.53 a maikuromita yana nufin ƙarfen kansa 0.50 ne.

Idan babu maikuromita a kusa, sikeli zai yi aikin, kuma shi ba a yi masa wayo. Alminiyam mai kaurin milimita ɗaya yana da nauyin kilo 2.7 a kowace murabba'in mita. Lissafin ke nan:

```
nauyi (kg) = tsawo (m) × faɗi (m) × kauri (mm) × 2.7
```

Sa a yanko maka shimfiɗaɗɗen yanki daga naɗin kafin ya shiga injin, santimita 30 da 30. Idan 0.55 ne zai yi kamar giram 134, idan 0.50 ne giram 122, idan 0.45 ne giram 109, fenti kuma ya ƙara kamar giram 4 a kan kowanne. Ƙaramin sikelin dijital mai nuna giram ɗaɗɗaya ya isa ya raba su. Wannan lissafin ne kuma ke nuna dalilin da ya sa ake rage kauri. Naɗi ana sayensa da nauyi, kwano kuma ana sayar da shi da awo. A naɗi mai faɗin mita 1.2, tan ɗaya na 0.55 yana ba da tsawon kamar mita 561, na 0.45 kuwa kamar mita 686. Mita 125 ke tsakani a kowane tan.

Za a ce maka ai masana'anta na da rangwamen awo, wato ɗan sama ko ɗan ƙasa da ƙa'idar ƙera ta yarda da shi. Gaskiya ne akwai, amma rangwamen yana zagaye ne da kaurin da aka yi odar naɗin a kai. Naɗin da takardarsa ta ce 0.55 aka auna wani wurin ya ba da ɗan ƙasa kaɗan, wannan yana iya shiga rangwame. Naɗin da takardarsa ta ce 0.50, naɗin 0.50 ne, kuma babu rangwamen da zai mai da shi 0.55. A shafinka rubuta kaurin da ke takardar masana'anta da wanda ka auna, gefe da gefe.

Layi na biyu ana yawan tsallake shi don mutane ba su saba tambayarsa ba. Lambar 3003 ko 3105 tana faɗin irin haɗin, duka biyun alminiyam ne mai ɗan manganis. H14 kuwa yana faɗin yadda aka taurara shi wajen murzawa. Alminiyam mai laushi, ko da kaurinsa ya cika, yana lotsawa a ƙarƙashin ƙafar kafinta, ramin sukuru kuma ya yi saurin buɗewa. Wanda ya yi tauri fiye da kima yakan tsage a lanƙwasar tudu, ka ga siririn layi fari a jikin fenti. Wannan ba ya aunuwa a wurin aiki, takardar masana'anta ce kaɗai shaidarsa, shi ya sa lambar naɗin take da muhimmanci.

Layi na uku ya fi yadda ake ɗaukarsa nauyi. Ƙarfin kwano tsakanin katako da katako daga tudunsa yake zuwa. A ƙiyasi na kusa, juriyarsa ga lanƙwasa tana tafiya da kauri sau tsayin tudu sau tsayin tudu. A misalinmu, 28 a kan 32 idan aka ninka shi da kansa yana ba da kusan 0.77, kauri 0.50 a kan 0.55 kuma 0.91. Ninka ɗaya da ɗaya ka samu 0.70. Wato saɓani biyu da kowannensu ya yi kama da ƙarami sun cinye kusan kashi 30 cikin ɗari na juriyar kwanon ga lanƙwasa, alhali tazarar katako tana nan a 900 da aka tsara don kwanon farko. A Zariya ba nauyin da ke danna rufi ƙasa ne abin tsoro ba, iskar farkon damina ce, ta watan Afrilu da Mayu, wadda ke zuwa gaban hadari ta tsotsi rufi sama. Tana farawa ne daga kusurwa da bakin rufi, kwano ya riƙa bugawa, ramin ya faɗaɗa a kewayen wosha, daga nan kan sukurun ya fice ta cikin ramin ya bar kwanon ya tashi. Siririn kwano ya fi saurin yin haka. Saboda wannan ne ya kamata ka nemi jadawalin ɗaukar nauyi na wannan sifar kwanon a wannan kaurin daga masu yinsa, ka haɗa shi, ka ja layi a ƙarƙashin tazarar 900.

Akwai abin da ke tafiya tare da sifar kwano wanda ƙa'ida ba kullum take ambata ba, amma ka sa shi: faɗin da falle ke rufewa bayan an hau da shi kan na kusa da shi. Idan falle yana rufe mita ɗaya, kowane gangare na ginin mai tsawon mita 27 zai ci falle 27. Idan milimita 900 yake rufewa, 30 zai ci. Farashin mita da ya yi araha yana iya komawa tsada a nan, kuma kuɗin daga aljihun ɗan kwangila zai fita tunda bil da murabba'in mita yake biya.

Layi na huɗu shi ne misalin inda gaskiya ita ce a rubuta "ana jiran shaida". Kasida za ta ce fenti mai inganci da aka gasa a tanda, ba ta faɗi iri ko kauri ba. Nemi takardar da ta faɗi ko foliyesta ne ko PVDF, da kaurinsa a maikiron, da lambar launin a tsarin RAL. "Ja" ko "kore" ba ya isa, domin naɗi biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a ido idan sun hau rufi ɗaya. Da ranar Zariya da ƙurar hunturu, siririn fenti yana koɗewa ya fara barin gari a hannu tun ginin bai tsufa ba. In aikin zai ci naɗi fiye da ɗaya, rubuta cewa duk za su fito daga rukuni ɗaya, ko kuma kowane gangare daga naɗi ɗaya.

Layi na shida ƙaramin kuɗi ne, amma yawancin yoyo daga nan yake farawa. Baƙar robar da ke zuwa da ƙusar kasuwa tana bushewa a rana ta tsattsage, ruwa ya bi jikin ƙusa ya sauka a silin. Woshan EPDM an yi shi ne don jure rana da zafi. Ƙusar baƙin ƙarfe kuma idan rufinta na zinki ya ci, tana tsatsa ta ɓata kwanon, haɗuwarta da alminiyam a cikin danshi kuma tana cin bakin ramin. Ga kuma motsi: alminiyam yana miƙewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, falle mai mita 6.3 yana iya ƙaruwa da kamar milimita 7 idan zafin jikinsa ya canja da digiri 50, abin da ba baƙo ba ne tsakanin asubahin hunturu da tsakar ranar bazara. Wannan kai da komo yana sassauta ƙusa a hankali. Saboda haka a wannan layin rubuta irin sukurun, tsawonsa, faɗin wosha, cewa a kan tudu za a ɗaure ba a cikin kwari ba, da adadin da za a sa a kowane katako, tare da ƙari a baki da kusurwa da tozo. Haɗa sukuru uku a leda ka manna a jikin samfur. Idan katakon an jiƙa shi da maganin gara mai jan ƙarfe a ciki, ambata abin da za a shimfiɗa tsakaninsa da kwano, domin jan ƙarfe yana cin alminiyam.

Sauran layukan ba sa buƙatar dogon bayani amma kowanne ya samu gurbinsa: mafi ƙarancin gangaren da sifar kwanon ta yarda da shi idan an gwada da na zane, murfin tozo da kwanon kwari da na jikin bango, waɗanda ya kamata su fito daga kauri da launi ɗaya da kwanon, shekarun garanti da abin da ya ƙunsa, da takardar hukumar SON, wato MANCAP ga kayan da aka ƙera a gida ko SONCAP ga wanda aka shigo da shi. Duba ranar ƙarewar takardar, ka kuma duba cewa sunan kayan da ke jikinta shi ne wanda kake kawowa.

Yanzu ga jadawali da saɓani uku a ciki, me za ka yi? Shawarata, kada ka tura shi a haka tukuna. Koma wa mai sayarwa da lambobin, ka nemi naɗin 0.55 na gaske da sukurun da aka ce, waɗannan biyu kuɗi ne kawai ke gyara su. Tsayin tudu ne mai wuya, domin injin murzawa ne ke yanke shi, sai dai a canja inji ko a nemi izini. Idan izinin za ka nema, ware masa akwati a ƙarƙashin jadawalin mai taken saɓani, ka faɗi abu huɗu: me ya saɓa, me ya sa, me za ka yi don cike giɓin, da abin da zai shafa na kuɗi da lokaci. A misalinmu kana iya ba da shawarar ƙara layin katako ɗaya a kowane gangare, tazara ta sauko daga 900 zuwa kusan 790, wato ƙarin katako mita 54 a ginin gaba ɗaya, a kan kuɗin ɗan kwangila. Amincewa da wannan hurumin injiniyan ƙarfin gini ne, bisa jadawalin masu yin kwanon, ba naka ba kuma ba na kafinta ba. In kuma abin da aka amince da shi ya fi na ƙa'ida araha, ka sa rai mai ƙididdigar kuɗin aiki zai nemi ragi, gara ka faɗi adadin da kanka.

Kada ka ɓoye saɓani a cikin shafukan da ka haɗa da fatan hatimi zai rufe shi. A yawancin kwangiloli, amincewar akitek ba ta sauke wa ɗan kwangila nauyin bin ƙa'ida, sai a kan abin da ya bayyana a fili aka kuma amince masa a rubuce. Wanda ya samu hatimi a kan kasida sannan ya rufa 0.50, ana iya sa shi ya kwance murabba'in mita 340 na rufi ranar da wani ya zo da maikuromita.

A ƙasan shafin sa jerin abin da ka haɗa, kowanne da lambarsa, sa hannunka da na manajan aiki, sannan ka bar akwatin mai dubawa: an amince, an amince da gyara, a gyara a sake turowa, ko an ƙi. Idan ya dawo don gyara, kada ka canja lambar takardar, lambar bita za ka ɗaga, ka yi wa layukan da suka canja alama don kada ya sake karanta komai daga farko. Lissafa kwanakin dubawa da kwangila ta ba shi a cikin jadawalin aikinka, ka ƙara wa kanka sararin zagaye na biyu, kuma kada ka biya kuɗin yanka kafin amsa ta zo, tunda fallen da aka yanka a mita 6.3 ba ya komawa naɗi.

Samfur guda biyu za ka kai, kowanne cikakken faɗin falle da tsawon kamar rabin mita. Akitek ya sa hannu da kwanan wata a bayansu da maka, ɗaya ya zauna a ofishinsa, ɗaya a ofishin wurin aiki. Ranar da mota ta kawo kwano, kafin a sauke, ɗauko shafin da samfurin. Gwada lambar naɗi da ke takardar rakiyar kaya da wadda aka amince da ita, zaro falle daga sama da tsakiya da ƙasan lodi ka auna kauri da tsayin tudu, ka ɗora samfurin a kan falle ka ga ko tudu ya zauna a kan tudu, launi kuma ya yi ɗaya a hasken rana. Rubuta awon a bayan kwafin shafin, kai da wakilin akitek ku sa hannu. Abin da bai yi daidai ba ya koma a motar da ta kawo shi.